Yaya kitse ke toshe jijiyar jini?

"Likita ya ce kitse ya fara toshe min jijiya, alhali ni siriri ne. Yaya haka ke faruwa?"

Malam, ba a cikin ramin jijiyar kitsen ke taruwa ba, cikin bangonta yake shiga. Idan hawan jini, sigari ko ciwon sukari sun raunana fatar cikin jijiyar, kolestarol ɗin LDL, wato mugun kitsen da ke yawo cikin jini, yakan kutsa ƙarƙashinta ya maƙale. A can iskar oksijin ke lalata shi, sai jiki ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu, wurin ya kumbura. Fararen ƙwayoyin jini su zo su yi ta haɗiyarsa ba ƙoshi har su cika tim, su koma kamar kumfa. In sun mutu, kitsen ya zube nan, wata fata mai tauri ta rufe shi. Haka tudun ke girma shekara da shekaru.

Ƙiba ba sharaɗi ba ce, na sha ganin sirara da LDL mai yawa, wasu ma gado suka yi. Da farko jijiyar takan buɗa ta waje, shi ya sa ba a jin komai. Ciwon ƙirji wajen hawan bene yakan bayyana ne in hanyar jijiyar zuciya ta tsuke da kusan kashi 70 cikin 100. Abin tsoron shi ne fatar nan mai tauri ta tsage, jini ya daskare a wurin nan take, ko da tudun ƙarami ne.