Amsa Daga Kumasi: Yadda Muke Kiran Manya a Taron Zango

Malam, ka ce ka kalli bidiyon wata walima da aka yi a Kumasi ta ƙasar Gana, ka ji mai gabatarwa ya kira mutum fiye da goma da sunan sarki a rumfa ɗaya, sa'an nan ya fara ambaton wani dattijo da ya kira Nana kafin ya waiwayi masu rawani, har ka tambaya ko mun manta da ladabin Hausa ne. Ba mu manta ba. Abin da ya sauya shi ne ma'anar kalmar sarki a bakin mutumin Zango, kuma wanda bai gane wannan ba zai yi ta tuntuɓe a duk lokacin da aka miƙa masa lasifika.

A Kano ko Katsina, idan aka ce sarki ana nufin mai ƙasa, wanda hakimai da dagatai da masu unguwanni suke ƙarƙashinsa. A nan kuwa kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro, masu gari suka ba su wurin sauka, shi ya sa har yau sunan unguwanninmu Zango. Ƙasar Kumasi ta Asantehene ce, sarkin Asante, wato Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau karaga a 1999, kuma fadarsa tana Manhyia, wadda muke furtawa Manshiya. Sarakunanmu na Zango jama'a suke riƙe da ita, ba su riƙe da ƙasa. Akwai Sarkin Zango, sa'an nan kowace ƙabila da ta zauna tare da mu tana da nata shugaban, kamar Sarkin Mosi, Sarkin Dagomba, Sarkin Wangara, Sarkin Fulani da Sarkin Yarbawa. Hausa ita ce harshen da ya haɗa su duka, saboda haka taron da za ka ji ana ta Hausa a cikinsa yana iya kasancewa mafi yawan mahalartansa ba Hausawa ba ne, kuma kowannensu yana kasa kunne ya ji yadda za a kira nasa shugaban.

Daga nan ne ƙa'idar da na fi riƙewa ta fito, wato a bar wa mai ƙasa laƙabinsa da harshensa, kada a fassara. Nana da ka ji ba sunan mace ba ne kamar yadda kunnen Bahaushe ya saba. A wurin Asante laƙabi ne na sarauta da na kakanni, ana ba namiji ana ba mace. Otumfuo kuwa a Kumasi na mutum ɗaya ne, kamar yadda ba za ka ɗauki Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ka ɗora wa wani hakimi ba. Tsofaffinmu sukan kira shi Sarkin Tonawa a hirar zaure, saboda Tonawa Hausawa suke kiran Asante, amma ban taɓa yarda wannan ya fita daga bakina a gaban taro ba, domin mutum ya fi son a kira shi da sunan da ya san kansa da shi. 'Yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango a Akra ma haka suke yi, sai dai su a ƙasar ƙabilar Ga suke, inda ake cewa Nii ga namiji, Naa ga mace.

Bari in ba ka misalin wata walimar saukar karatu da na gabatar a unguwar Aboabo. Tun ana gobe taro na zauna da shugaban makarantar muka rubuta sunayen waɗanda suka amsa gayyata, sa'an nan na aika wa na kusa da kowane babba tambaya biyu: shi da kansa zai zo ko wakili zai turo, kuma da wane laƙabi yake so a kira shi. Da aka buɗe da addu'a, na fara da basaraken Asante na yankin, na ce: "Muna maraba da mai masaukinmu, Nana wane, tare da dattawan da suka rako shi," na maimaita gaisuwar da Tuwi, harshen Asante, domin ya ji da kunnensa. Sai na koma kan limami da cewa "Allah ya gafarta Malam," sa'an nan wakilin Sarkin Zango, sa'an nan sarakunan ƙabilu, bayan su ɗan majalisa da sauran jami'ai, sai Magajiya, wadda ita ce shugabar mata, da iyayenmu hajiyoyi. Wannan jeri ba doka ba ce rubutacciya. A mauludi ko wa'azi malamai ake gabatarwa, a taron da hukuma ta shirya kuma jami'anta suna da nasu tsarin.

Inda aka fi samun rigima shi ne tsakanin sarakunan ƙabilu, domin babu wanda yake ƙarƙashin wani, kuma duk wanda ka sa a ƙarshe jama'arsa za su ce an raina su. Abin da nake yi shi ne in fara gaishe su a dunƙule, in ce "iyayenmu sarakunan Zango, Allah ya ja zamaninku," sa'an nan in faɗa a fili cewa zan kira su ne bisa yadda suke zaune daga dama zuwa hagu. Faɗin wannan a fili shi ne maganin, saboda yana cire zargin cewa ni ne na auna su na fifita wani. Idan kuma su da kansu suka miƙo mini jerin sunaye, nakan bi shi ba ƙari ba ragi. Ga kowannensu nakan ce Alhaji wane, Sarkin kaza na Kumasi, in bi da "ranka ya daɗe." Ba na raba Mai Martaba kamar goron biki, domin idan ka ba mutum goma sha biyu a rumfa ɗaya, ba ka bar wa babban cikinsu komai ba.

A wannan walima na yi kuskure guda. An shaida mini cewa wani sarkin ƙabila zai zo da kansa, ashe ƙanensa ya turo, kuma da na hango rawani da 'yan rakiya sai na zuba masa cikakken laƙabin yayansa har da addu'ar jan zamani. Nan take na gane, domin 'yan rakiyar ba su amsa da amin ba, shi kuma bai ɗaga hannu ba kamar yadda aka saba, ya sunkuyar da kai kawai. Ba a daɗe ba wani tsoho ya zo ya raɗa mini a kunne. Ban jira ƙarshen taro ba. Da mai magana ya sauka na ce a gafarce ni, Alhaji wane yana wakiltar Sarkin kaza ne, muna kuma roƙon ya isar da gaisuwarmu. Wakili ana girmama shi a matsayin wanda ya aiko shi, amma addu'ar sarauta ana tura ta ne ga mai ita.

Game da jami'an hukuma, idan ka zo kada ka ce Gwamna, domin ba mu da shi. Kowane yanki a Gana yana da minista wanda shugaban ƙasa yake naɗawa, sai a ce Mai Girma Ministan Yankin Ashanti. Ɗan majalisa Onarabul ake ce masa, a haɗa da sunan mazaɓarsa, kuma idan ya yi aikin hajji a ce Onarabul Alhaji wane. Ba na ambaton jam'iyyarsa idan sarakuna suna zaune, saboda kundin tsarin mulki na 1992 ya hana sarakunan gargajiya shiga siyasar jam'iyya, kuma ba a so hoton taro ya nuna kamar sun zo yi wa wani kamfe ne.

Wani abu da zai ba ka mamaki shi ne Hausarmu ba ta cika bambanta namiji da mace ba, har za ka ji an ce "Hajiya ya zo" ba wanda ya ɗaga kai. Idan ka ji an gabatar da uwargidanka haka, ba raini ba ne. Ni dai idan na san akwai baƙi daga Najeriya ko Nijar a rumfa, nakan rubuta "ta iso, ranki ya daɗe" a gefen sunan kowace hajiya a takardata, domin harshe yakan koma ga abin da ya saba idan taro ya yi zafi.