Za mu rage ma'aikata tara: in faɗa musu yanzu, ko in yi shiru sai ranar sallama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni manaja ne a kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata 46. Mun rasa babbar kwangilarmu, masu kamfanin suka ce a rufe sito ɗaya mai mutum bakwai, a kuma rage direbobi biyu cikin biyar. Wani mai ba mu shawara ya ce in yi shiru sai ƙarshen wata, in miƙa takardu a rufe musu imel a ranar, don kada a yi mana ɓarna. Jiya wani direba ya tambaye ni ko aikinsa na nan, domin zai ci bashi, na ce masa babu komai. Tun daga nan ban yi barci ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, gobe da safe ka nemi direban nan ka janye maganarka. Ba sai ka buɗe masa komai ba. Ka ce: "Rannan na ce maka babu komai, ban kyauta ba. Akwai sauyin da ake tattaunawa a kai, za a yi wa kowa bayani ranar kaza. Kafin nan kada ka ɗauki wani nauyin kuɗi da ya dogara da albashin nan." Na san maganar za ta zagaya. Gara ta zagaya da a ce mutum ya sa hannu a takardar bashi saboda ya yarda da kai.

Shawarar da aka ba ka kuwa, kusan kullum sai na ci karo da ita, kuma har yau tana ɓata mini rai. Masu bayar da ita kan ce tausayi ne, wai kada a tada wa mutane hankali tun da wuri. Ina tausayin yake? Wanda ya sani saura mako shida zai soma neman aiki yana da albashi a hannu, ya dakatar da abin da ya yi niyyar saye, ya zauna da iyalinsa su yi lissafi. Wanda aka sanar da shi ranar sallama an ƙwace masa makonnin nan shida, domin kawai manaja ya huta da haɗa ido da shi. Sannan sirrin ma ba ya rufuwa. Ma'aikatanka sun ga motocin da suka daina fita, mai lissafin albashi ya ga an nemi shekarun aikin wasu, sakatare ya ga lauya na shige da fice. Idan ka yi shiru jita-jita ce za ta yi magana a madadinka, kuma ita ba ta cewa tara, ashirin take cewa. Waɗanda za su fara tafiya su ne ƙwararrun da kake son riƙewa, don su ne ke samun aiki da wuri. Batun ɓarna kuma, a shekarun da na yi ina wannan aiki, inda na ga an lalata kaya ko an goge bayanai, wulaƙanci ne ya jawo, ba sanarwa ba. Idan akwai mai riƙe da makullin sito ko asusun banki, a haɗa shi da mutum na biyu su riƙa sa hannu tare, a gaya masa dalili. Wannan ya wadatar.

Ban da haka, shawarar na iya kai ku kotu. Yarjejeniya ta 158 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce idan za a sallami ma'aikata saboda tattalin arziki ko sauyin tsari, a sanar da wakilansu da wuri dalili, da adadi, da lokaci, a kuma tattauna da su kan yadda za a kauce wa sallamar ko a rage ta. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kai ba, kuma dokoki sun bambanta: a Birtaniya, idan za a rage mutum 20 zuwa 99 a wuri guda, dole a fara tattaunawa aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko, a Amurka, dokar 1988 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye sanarwar kwana 60 idan za a rufe wurin aiki ko a sallami jama'a da yawa. Don haka kafin ka tsayar da rana, lauyan da ya san dokar ƙwadago ta ƙasarku ya duba ta tare da takardun ɗaukar aikinku.

Ka lura mutanenka kashi biyu ne. Na sito, gurabensu ne suka tafi gaba ɗaya, abin tambaya kawai shi ne ko akwai gurbi a ɗaya siton. Direbobi kuwa zaɓe za a yi, kuma nan ne rigima take. Ka rubuta ma'aunin kafin ka kalli sunaye: daɗewa a aiki, irin lasisin da mutum ke da shi, tarihin haɗari da gargaɗin da ke rubuce. Hutun rashin lafiya ko shiga ƙungiyar ƙwadago kada su shiga lissafi. Ka fara da tambayar ko akwai mai son tafiya da kansa. Wani lokaci a samu wanda dama yana shirin barin tuƙi.

Ranar sanarwa ka zaɓi farkon mako, da safe, don mutane su same ka da tambayoyinsu washegari. Wakilan ma'aikata da shugabannin sassa su ji tukuna, sannan ka tara mutum goma sha biyun da abin ya shafa. Kada ka yi doguwar shimfiɗa. Cikin minti na farko ka ce: "Mun rasa kwangilar da ke riƙe da siton nan. Shirinmu shi ne a rufe shi, guraben bakwai su tafi, da biyu daga na direbobi. Za mu yi mako biyu muna sauraron shawarwarinku, ranar kaza kowa zai san matsayinsa." Sai ka yi shiru, ka bar su su yi fushi ko kuka. Kada ka ce kai ma abin ya fi damunka, kai da aikinka na nan. A ranar, kafin a tashi, ka tara sauran 34 ɗin ka gaya musu abu ɗaya da wanda ka gaya wa na farko. Idan suka ce ko akwai wani zagaye, ka faɗi iyakar abin da ka sani: "A yanzu babu shiri, amma ba zan yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Bayan mako biyun, kowa a gana da shi shi kaɗai, a ɗaki, kai da wani shaida. Mutum ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa masa a irin wannan zama, saboda haka komai ya kasance a takarda: ranar aiki ta ƙarshe, wa'adin sanarwa ko kuɗinsa, hutun da bai ci ba, kuɗin fansho da aka cire ba a tura ba, ranar da inshorar lafiya za ta tsaya, da sunan wanda zai kira. Kuɗin sallama a nuna lissafinsa. Misali, idan kun amince da albashin mako biyu kan kowace shekara, mai shekara shida yana da mako goma sha biyu. A rubuta haka, da ranar biya. Takardar shaidar aiki ta faɗi ƙarara cewa rage ma'aikata aka yi, ba laifi ya yi ba, a kuma ba shi ita a hannu tun ranar, tare da izinin fita neman aiki cikin kwanakin da suka rage.

Kuma don Allah, Malam, kada ka rubuta ranar biya sai ka tabbatar daga masu kamfanin cewa kuɗin na cikin asusu. Idan ba su ware ba, ka koma musu yau, kafin ka tara kowa.