Me ya sa bireka ke faɗuwa da na kunna injin niƙa?

Tambaya: Salam Malam. Ina da injin niƙa a Dakata, moton mai layi uku ne kilowat 7.5, a jikinsa an rubuta 15A, birekar kuma B20. Da na danna sai ta faɗi nan take, wani lokacin kuma ya tashi lafiya. Wayar mili 2.5 ce, tsawonta kamar mita 60. Yaron da ya min wayarin ya ce a sa bireka mai 63 a huta, in sa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sa, don Allah. 15A ɗin nan abin da moton ke ja ne bayan ya kama gudu da kaya a kai. Lokacin da ka danna makunni rotar da ke ciki a tsaye take cak. In tana juyawa moton da kansa yana haifar da wani ƙarfin wuta da ke turo wutar da ke shigowa baya, shi ne ke taka mata birki, to a tsaye babu wannan, sai koyil kawai da ba shi da wata turjiya ta a zo a gani, wuta ta yi ta kwarara kamar an buɗe famfo. Irin wannan moto yakan ja ninki 5 zuwa 7 a tashi, naka kenan wajen am 90, na ɗan daƙiƙu, yana kama gudu sai ta sauko.

To ita bireka hanya biyu take faɗuwa. Akwai ta zafi mai jinkiri, akwai ta maganaɗisu da ke faɗuwa kafin ƙiftawar ido, kuma harafin da ke gaban lambar nan da mutane ba sa ko kallo in sun je saye a Sabon Gari shi ke gaya maka inda ta biyun take. B ninki 3 zuwa 5 ne, C 5 zuwa 10, D kuma 10 zuwa 20. B20 ɗinka kenan tana iya faɗuwa ko'ina tsakanin am 60 da 100, 90 kuwa a ciki yake, shi ya sa yau ta bar ka gobe ta hana. C25 ba ta faɗuwa nan take sai an kai 125 aƙalla, ka ga ta ba moton fili ya tashi.

Matsalar mai 63 ita ce aikin bireka tsaron waya ne, wayar mili 2.5 kuma abin da take ɗauka bai wuce am ashirin da 'yan kai ba. Ranar da injin ya cushe yana jan am 50 robar wayar za ta narke bireka na zaune tana kallo. Na taɓa zuwa wani shago irin haka, warin ƙonanniyar roba ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa, birekar kuwa ko gezau.

Wayar taka ma dai sai an canza ta, ba don zafin tashi ba, daƙiƙa biyu ko uku ba sa dafa waya, tsawon ne matsalar. Mili 2.5 a layi uku tana cin wajen 0.015 na bolt a kowane am a kowace mita. 90 sau 60 sau 0.015 ya ba ka bolt 81 daga cikin 400, lissafin sama-sama ne, a zahiri yakan gaza haka, amma haɗa shi da wutar unguwa da dama can a raunane take zuwa da yamma. Ƙarfin juyin moto kuma faɗuwarsa ta fi ta wutar sauri, in wuta ta ragu da kashi 20 cikin ɗari shi ya yi asarar kashi 36. Sai ka ji yana gurnani ya ƙi kama gudu, fitilun shago sun dushe, am 90 ɗin da ya kamata ya wuce tuni yana nan yana gasa koyil. Da mili 6 lissafin nan yana dawowa wajen bolt 35, kuma ta ɗauki C25 hankali kwance. Ka tabbatar ta jan ƙarfe ce ta gaske ba wadda aka shafa wa kala ba.

Shi moton kuwa obalod ne mai tsaronsa, wato na'urar da ke katse wuta in moton ya daɗe yana jan fiye da ƙima, a haɗa shi da kwantakta, makunnin maganaɗisun da ke ba moton wuta, a saita obalod ɗin kan am 15 daidai. In fitilu sun ci gaba da dushewa a sa maka sita-dalta, wato haɗin da ke tada moto a mataki biyu, yana rage jan tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, wato wajen am 30, amma ƙarfin juyin ma haka yake raguwa, don haka injin ya tashi wayam tukuna kafin yara su zuba masara. Sai an duba akwatin moton an ga bakin waya shida, kuma farantin jikinsa na ɗauke da 400/690V, in 230/400V ka gani to sita-dalta ba nasa ba ne.