Bayan "auf" da "in" a Jamusanci, Akkusativ ko Dativ?

"A takardar atisayen Jamusanci an ba ni 'Ich stelle die Lampe auf ___ Tisch' da 'Die Lampe steht auf ___ Tisch'. Me ya sa amsar ba ɗaya ba ce, alhali 'auf' ɗin ɗaya ne?"

Ɗan'uwa, auf na cikin ƙananan kalmomi tara masu karɓar duka biyun: an, auf, hinter, in, neben, über, unter, vor, zwischen. Sai ka yi wa jimlar tambaya. Idan ta amsa wohin, wato zuwa ina, Akkusativ ne. Idan ta amsa wo, wato a ina, Dativ ne.

A jimlar farko fitilar tana hannunka, za ta koma kan tebur, don haka auf den Tisch. A ta biyu tana nan ajiye, sai auf dem Tisch.

Amma kada ka yarda da masu cewa duk inda aka yi motsi Akkusativ ne, nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Ich laufe im Park akwai gudu a ciki, amma mai gudun bai fita daga lambun ba, shi ya sa Dativ, don im gajeren in dem ne. Ich laufe in den Park kuwa daga waje ya shigo.

Su mit, nach, zu, aus, bei, von kullum Dativ suke ɗauka, ko da tafiya ake: Ich gehe zum Arzt.