Jakar fata ta fito kamar ta roba: laifin manhaja ne ko na umarni?

Tambaya: Ina amfani da manhajar ƙirƙirar hoto ina fitar da samfurin jakunkunan fata kafin a ɗinka su. Duk hoton da ya fito sai ka rantse roba ce, sai ƙyalli kamar an shafa mata mai. In ƙara kuɗi in sayi babban tsari ne, ko in koma wata manhajar?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da babban tsari yake ƙara maka galibi shi ne sauri da yawan hotuna, wato jakar robar nan za ka riƙa samu da yawa, cikin gaggawa.

Ido yana gane abu ne ta yadda haske yake zama a jikinsa. Fata da katako da roba, in haske ya same su gaba da gaba, kusan kashi 4 cikin ɗari suke mayarwa a matsayin ƙyalli, dukkansu. Bambancin yana wajen yadda ƙyallin yake bazuwa. Roba daga mazubi take fitowa, jikinta sumul, don haka ƙyallinta ɗigo ne mai kaifin baki, iri ɗaya daga sama har ƙasa. Fata kuwa tana da ƙananan ramuka da ƙwayoyi masu farfasa hasken, ya yi faɗi, ya dusashe a gefe. In ba ka faɗa wa manhaja wannan ba, sumul ɗin za ta ba ka, balle in ka cika umarnin da kalmomi irin su `glossy`, `perfect` da `flawless`. Su za ka fara gogewa.

A manhajar zanen 3D irin Blender akwai ma'aunin kaushi mai suna `Roughness` daga 0, mai kama da madubi, zuwa 1, marar sheƙi sam. Amma a manhajar da ke karɓar rubutu, sa lamba ba ya aiki kamar ma'auni, siffantawa ce take ci. Ga yadda zan rubuta wa jakarka:

```
full-grain leather bag, matte with visible pores, soft broad highlights, handle darkened and polished by use, scuffed bottom corners, creases at the flap fold, slightly uneven stitching, low side light
```

Lura da abin da ya faru a nan. Jikin jakar mai kaushi ne, ramukan fatar suna bayyane, amma mariƙinta ya yi duhu ya yi santsi, domin nan hannu yake gogawa kullum da zufa da maiƙo. Wannan saɓanin, kaushi nan santsi can, shi ya fi komai kashe kamannin roba, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Ƙurjewa tana kusurwoyin ƙasa inda jaka take taɓa daɓe, tamoji kuma yana wajen da murfi yake lanƙwashewa. Kowane tabo a ba shi mazauni da dalili. In ka rubuta `old, worn` kawai, manhaja za ta watsa tsufa ko'ina, ka samu tsumma maimakon samfuri. Tunda sabuwar jaka za ka nuna wa mai saye, rage ƙurjewar ko ka cire ta, ka bar ramuka da tamoji da ɗan karkacewar ɗinki, domin ko sabuwar fata tana da su.

Kada ka raina hasken gefen da ke ƙarshen umarnin. Hasken da ya fito daga bayan mai kallo yana cike inuwar ramuka, jikin jakar ya koma shafaffe ko da ka siffanta shi daidai. Na gefe, mai zuwa ƙasa-ƙasa, shi yake jefa wa kowace ƙwaya 'yar inuwarta.

Wajen gwaji, tsayar da lambar `seed` guda, wato lambar da manhaja take fara ƙirƙirar hoto daga gare ta, ka riƙa canza magana ɗaya a kowane karo, sannan ka zuƙo hoton kusa ka duba bakin ƙyallin. In ya yanke tsaf kamar an zana shi da biro, da saura. In ya narke cikin ƙwayoyin fatar, ka kamo hanya.

Idan bayan haka tana nan da santsinta, duba wurare biyu. A manhajar Stable Diffusion, ɗaga `CFG scale`, wato ma'aunin yadda take bin umarni sau da ƙafa, sosai sama da 7 yakan ƙona launi ya sa jikin jakar ya yi kamar kakin zuma, sai ka sauke shi kaɗan-kaɗan. Na biyu, kayan ƙara girman hoto sukan ɗauki ramukan fata a matsayin datti su share su, don haka gwama hoton kafin ƙarawa da bayanta. Sai in duk wannan ya faskara ne zan ce ka nemi wata manhajar, kuma ko ita, fara gwada wannan umarnin a tsarinta na kyauta ko mafi araha kafin ka biya na babba.