Kuɗin makaranta da ɗaukar yara: abin da za ki rubuta wa tsohon mijinki

Wata 'yar uwa daga Kano ta turo min tambaya. Ta ce shekara ɗaya da rabuwarsu, yara biyu suna hannunta, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 6, an koma makaranta sati biyu ke nan uban bai biya kuɗin zango ba, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ya je ya kwashe su daga makaranta bai faɗa mata ba sai da ta je ta tarar babu su. Ta haɗo min da saƙon da ta rubuta tana shirin tura masa a WhatsApp, ta ce in duba.

'Yar uwa, na karanta, kuma wallahi na ji zafin da ke ciki, uwa ta je bakin get a ce mata an tafi da 'ya'yanta ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Amma don Allah kar ki tura wannan saƙon. Layi sama da goma ne, kuɗin makarantar sai a layi na takwas ya fito, sauran duk maganar amaryarsa ce da abin da mahaifiyarsa ta yi miki da kayan ɗakinki da ba a dawo da su ba. Duk saƙon da za ki tura masa daga yau ki ɗauka cewa wata rana magatakardan kotu zai iya karanta shi da ƙarfi a gaban alƙali, don na sha ganin an miƙa waya a kotu an ce ga abin da ta rubuto.

Jumla biyu ne a ciki suka fi tayar min da hankali. Ta farko inda kika ce "in ba ka biya ba ba za ka sake ganinsu ba". A Malikiyya da kotunan Shari'a na nan suke bi, riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, sai in wani dalili ya shigo kamar uwar ta auri wani bare, nan ma yawanci kakarsu ta wajen uwa ake fara dubawa. Ciyarwa da sutura da magani kuwa na wuyan uba. Amma shi ma yana da haƙƙinsa, a littafin fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar na Khalil, an faɗa cewa uba yana da damar duba ɗansa da tarbiyyarsa da tura shi makaranta ko da yaron yana hannun uwa. To kin ga kuɗi daban, ganin yara daban, rashin biyansa bai ba ki ikon hana shi su ba, kuma in kika rubuta haka da hannunki kin ba lauyansa abin da zai ce ke mai raba yara da ubansu ce ya nemi a karɓe riƙon.

Ta biyu ita ce "dama ni ba na buƙatar ko sisinka". Na san fushi ne, amma gobe in kika je neman kuɗin da kika kashe, wannan layin zai fito da shi ya ce ai ita ta yafe. In har ya zama dole ki biya don kar a koro yaran, ki rubuta masa kafin ki biya cewa ranta masa kike yi zai mayar miki, ki biya ta akawun ɗin makaranta, ki ajiye rasit. Shi ne zai nuna ba kyauta kika yi ba.

Ga yadda zan so ki rubuta:

"Assalamu alaikum Abban yara, da fatan kana lafiya. Makaranta ta turo takardar kuɗin zango na biyu, babban N85,000, ƙaramar N70,000, duka N155,000, ga hoton takardar nan da lambar akawun ɗinsu. Sun ce ranar 20 ga wata za su fara mayar da waɗanda ba su biya ba. In ka biya don Allah ka turo min hoton rasit in kai ofis. In ba zai samu gaba ɗaya ba ka faɗa min nawa za ka iya da kuma ranar cikon, sai in yi wa hedimasta magana. Batun ɗaukarsu kuma, ina ganin ka riƙa ɗaukarsu Juma'a in an tashi, ka dawo da su Lahadi kafin magariba. In wani za ka turo ko ranar za ta canza ka sanar da ni tun daren Alhamis. In wannan bai yi maka ba ka faɗi wanda ya yi. Na gode."

Ba maganar Juma'ar da ta wuce a ciki, da gangan na cire, don tsarin da kika kawo ya riga ya toshe ta, in kika ambata kuwa amsar da za ki samu ta kare kai ce, kuɗin ya bi ruwa. Kuma ki lura kuɗin ba ta hannunki zai bi ba, wannan yana kashe zancen nan da maza da yawa suke fakewa da shi na wai in an ba ta ba a kan yara take kashewa ba. A rubuce za ki tura, kar ki yi na murya, murya tana tona abin da ke zuciya ko da kalmomin masu kyau ne. Kar kuma ki ba yaron ɗan shekara 9 saƙon ya kai wa babansa, ba kayan da zai ɗauka ba ne.

Wurin gargaɗi ɗaya, ƙarfin uba ake dubawa. Alƙur'ani a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. In tun kuna tare shi ya sa su a makarantar yana biya, kina da ƙarfi sosai, ki nemo tsofaffin rasit. In kuwa ke kika canza musu zuwa mai tsada bayan rabuwa ba da saninsa ba, zai yi wuya alƙali ya ɗora masa duka.

In ya maido miki da baƙar magana kar ki biye masa, ki amsa abin da ya shafi kuɗi da rana kawai. In ya yi shiru ki ba shi kwana uku ki tuna masa sau ɗaya, bayan nan sai waliyyinki ya samu wani babba a danginsa, in hakan bai yi ba ku je Hisba sashen sulhu, duk abin da aka daidaita a rubuta kowa ya sa hannu da shaidu. Amma takardar sulhu ba ta kai hukuncin kotu ƙarfi ba, in ya karya ta Kotun Shari'a za ki je ki yi ƙarar ciyarwa a aika masa sammaci, ki roƙi alƙali ya yanka adadin kuɗi ya kuma sa ranakun ziyara a cikin hukuncin. Ki tafi da takardar saki da takardar makaranta da rasit da hoton saƙonninku, kar ki goge ko ɗaya a wayar.

Da zarar kun daidaita, ki kai wa makaranta takarda mai sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaran da ranakun kowa da lambobinku duka biyun, ki tabbata sunan uban yana ciki.