Idan an duba folda ba a tarar da komai ba

"Manhajata tana duba `/srv/uploads` kowace awa don neman sababbin fayiloli. Idan ba ta samu ba, kuskure za ta nuna ko ta yi shiru?"

Ko ɗaya, malam. Ta rubuta layi guda da lokacin dubawa, ta ce babu sabon fayil, ta fita da `exit 0`. Ka ajiye `exit 1` sai ranar da foldar ta ɓace ko aka hana karanta ta.

Amma in wani faifai ne daban aka ɗora a kan foldar kanta, manhajar ta fara gwada `mountpoint -q /srv/uploads` don tabbatar da cewa faifan yana haɗe. Namu ya taɓa cirewa, foldar ta zauna wayam, muka kwana uku muna karanta "babu sabo" alhali mutane na ta ƙorafin sun aiko.